Harafin da aka kora a 1933: yadda Yukrenanci da Rashanci suka raba gari

Tun da sojojin Rasha suka kutsa cikin Yukren a watan Fabrairun 2022, miliyoyin mutane suka watsu a ƙasashen Turai, wata tsohuwar muhawara ta sake tasowa a ofisoshin karɓar baƙi: in an samu takarda da Rashanci, ai ta wadatar da mutumin Yukren, tunda harsunan 'yan uwa ne. Gaskiya ne 'yan uwa ne, amma ba a banza suka bambanta ba, kuma wani ɓangare na kamannin da ake gani a yau da gangan aka ɗinka shi.

Asalinsu ɗaya ne a daular Rus, wadda Kyiv ke cibiyarta, kuma ta karɓi Kiristanci a 988. Rubutun wancan zamani yawancinsa da harshen coci aka yi shi, don haka da wuya a ji yadda talaka ke magana a kasuwa. Bayan Mongol sun rusa Kyiv a 1240 sai hanya ta rabu. Ƙasashen kudu maso yamma suka faɗa hannun Lituweniya, daga 1569 kuma hannun Poland, yayin da Mosko ta girma a arewa maso gabas da nata sha'anin.

Daga nan ne masu cewa Yukrenanci Rashanci ne da harshen Poland ya gurɓata suke samun hujja. Ba a musun aron: Yukrenanci na kiran takarda "papir", sukari "tsukor", rufin ɗaki "dakh", kalmomin da suka shigo ta Jamusanci da harshen Poland, alhali Rashanci na cewa "bumaga", "sakhar", "krisha". Sai dai wannan hujja ba ta kai ko'ina ba da zarar an saurari sautin kalmomin gado. A Yukrenanci tsohon wasalin "o" ya koma "i" a gaɓar da ta ƙare da baƙi: doki "kin", dare "nich", kyanwa "kit". Rashanci na cewa "kon", "noch", "kot", kuma harshen Poland ma "o" ɗin ya riƙe a waɗannan kalmomi. Ke nan ba daga Poland aka kwaso sauyin ba, a bakin mutanen ƙasar ya tsiro. Shi ne ya sa birnin da Rashawa ke kira Kharkov masu shi ke ce masa Kharkiv, Lvov kuma Lviv. Shi ma Rashancin bai tsaya wuri ɗaya ba: ya sha kalmomin coci ya ƙoshi, sannan daga zamanin Sarki Peter na ɗaya ya dinga ɗibar na Holanci da Jamusanci da Faransanci.

A ɗauki takardar ganin likita. In an rubuta "nedilya" da Yukrenanci, ranar Lahadi ake nufi. Mai jin Rashanci kaɗai zai ɗauka "nedelya" ce, wato mako, domin Lahadi a wurinsa "voskresenye" ce. Mako kuwa a Yukrenanci "tizhden" ne. Kalmar "chas" awa guda ce a Rashanci, amma a Yukrenanci lokaci ne gaba ɗaya, awa kuma "hodina". Sai wata: Rashanci na amfani da sunayen Latin irin waɗanda Bahaushe ya sani, "yanvar", "noyabr", Yukrenanci kuwa ya riƙe nasa na gargajiya, Janairu "sichen", Nuwamba "listopad". Wannan ta ƙarshe tana nan a Rashanci, amma zubar ganyen itace take nufi. Layi ɗaya mai ɗauke da rana da awa da wata, duka ukun suna iya ɓatar da mutum, kuma mugun abin shi ne yana ganin ya gane. Masanin harshe Kostyantyn Tyshchenko ya ƙiyasta cewa kalmomin da harsunan biyu suka yi tarayya a kai kusan kashi 62 ne cikin ɗari, ƙasa da abin da Yukrenanci ya haɗa da harshen Belarus ko na Poland.

Wajen rubutu ne gwamnati ta sa hannu dumu-dumu. Adabin Yukrenanci na zamani ya fara da littafin Ivan Kotlyarevsky na 1798, Taras Shevchenko ya ɗaga shi da Kobzar a 1840. A 1863 ministan cikin gida Pyotr Valuev ya hana buga littattafan addini da na makaranta da harshen. A 1876 Sarki Alexander na biyu ya sa hannu kan dokar Ems, wadda ta faɗaɗa hanin har zuwa shigo da littattafai daga waje. Ɗan abin da aka bari a buga, dole a rubuta shi da ƙa'idar Rashanci. An haramta ƙa'idar Panteleimon Kulish mai bin lafazi. A can Galisiya, ƙarƙashin Ostiriya, babu wannan takunkumi, kuma a can ne harafin ї ya samu gindin zama. Sai juyin 1905 ya sassauta igiyar.

Yau kowane harshe na da haruffa 33, amma ba iri ɗaya ba ne. Yukrenanci na da і, ї, є, ґ. Rashanci na da ы, э, ё, ъ. Abin dariya, Rashanci ma yana da і har gyaran 1918 ya share shi. Wanda ya fi ruɗarwa shi ne harafin da duka biyun ke da shi amma kowa da yadda yake furta shi. Harafin и "i" ne tsantsa a Rashanci, a Yukrenanci kuwa wani wasali ne dabam, mai kusa da ы. Don haka кіт kyanwa ce, кит kuma dabbar teku ce mai girman gaske. Wanda allon rubutunsa ba shi da і ya musanya da и, to ya sauya dabba. Harafin г kuma "g" ne a Mosko, "h" ne a Kyiv.

Nan ne labarin ґ ya shigo. A 1927 masana daga ɓangarorin Yukren suka taru a Kharkiv, aka fitar da ƙa'ida guda a 1928 da sa hannun kwamishinan ilimi Mykola Skrypnyk. Ta tabbatar da ґ don sautin "g", ta kuma karɓi lafazin yamma a kalmomin aro, irin su "klyasa" da "lyampa". Shekara biyar kacal ta yi. A 1933, lokacin da yunwar Holodomor ke cin ƙauyuka, aka ayyana ƙa'idar a matsayin aikin 'yan kishin ƙasa masu son raba harsunan biyu. Aka cire ґ, "klyasa" ta koma "klas", "lyampa" ta koma "lampa", aka bi ƙamus na kimiyya ana cire kalmomin gida ana sa masu kama da na Rashanci. Skrypnyk ya harbe kansa a watan Yulin shekarar, masana harshe da dama kuma suka ƙare a kurkuku ko gaban bindiga. Tun da aka cire ґ, kalmar yin wasa, грати, da ta sandunan tagar kurkuku, ґрати, suka zama iri ɗaya a takarda. Sai a 1990 harafin ya dawo, gyaran 2019 kuma ya maido da wasu siffofin 1928 a matsayin zaɓi.

Me ya sa har yanzu ake ganin ɗaya zai tsaya a madadin ɗaya? Saboda yawancin mutanen Yukren suna jin Rashanci, da yawa ma shi ne harshen gidansu, musamman a gabas da kudu. Amma makaranta da aikin soja da talabijin na zamanin Sobiyet ne suka koya wa sauran. Barashe da bai taɓa zama a Yukren ba ba ya samun wannan sauƙi in an juya, shi ya sa a 2022 masu tsaron shingaye ke sa wanda ba su yarda da shi ba ya furta "palyanitsya", sunan wani burodi, su ji inda harshensa zai karye. Yaran da suka tashi a yammacin ƙasar bayan 1991 kuwa, da yawansu ba su taɓa zama ajin Rashanci ba, kuma irinsu ne ake miƙa wa takardar asibiti da shi a Warso ko Berlin.