Aikatau Kaɗai Bai Isa Ba: Nazarin Manufofin Darasi a Kan Asid da Bes a Babbar Sakandare

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake rubuta manufofin darasi a babin asid da bes na kemistiri. Ta auna manufofi huɗu da tambaya ɗaya: ɗalibin da ya ɗauka ƙarfin asid da kaurinsa abu ɗaya ne zai iya cika manufar? An gano zai iya cika uku, har da guda biyu da aikataunsu ake iya gani. Wadda ta kama shi ita ce wadda ta faɗi sharaɗin aikin dalla-dalla.

Gabatarwa da waiwayen ayyuka

Duk wanda ya bi ta kwalejin ilimi ya san ƙa'idar: kada a rubuta "ɗalibi ya san" ko "ɗalibi ya fahimci", domin ba a ganin sani da ido. Tushenta na wajen Ralph Tyler, wanda a 1949 ya ce a gina manhaja a kan sauyin da ake so a gani a wajen ɗalibi. Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka jera matakan tunani shida a 1956, Anderson da Krathwohl kuma suka sake musu fasali a 2001. Ba ni da ja da waɗannan.

Jayayyata tana kan abin da aka mayar da aikinsu a ɗakunan horar da malamai. Ana raba wa ɗalibai malamai jadawalin aikatau, kowane aikatau a ƙarƙashin matakinsa, ana nuna musu cewa da zarar sun cire "fahimta" sun sa "bambanta" to manufa ta gyaru. Robert Mager, wanda ake yawan jingina wa wannan koyarwa, abu uku ya nema a littafinsa na 1962: aikin da ɗalibi zai yi, sharaɗin da zai yi shi a ƙarƙashinsa, da ma'aunin da za a ce ya yi daidai. Jadawalin ya riƙe na farko ya yar da biyun. Haka kuma ba aikatau ne ke tsayar da matakin tunani ba. "Bambanta" yakan zauna a mataki na sama a jadawali, amma in malami ya rubuta bambancin a allo jiya, yau kuma ya tambaye shi, hadda kurum ya auna. Elliot Eisner ya yi kashedi a 1967 cewa irin waɗannan manufofi suna iya ƙuntata koyarwa, kuma masu sukar su kan tsaya a nan. Ni a ganina, a kemistiri dai, ƙuntatawar tana zuwa ne daga rubuta manufa rabi da rabi.

Hanyar bincike

Nazari ne na matani. An ɗauki manufofi uku masu siffar da aka saba gani a tsarin darasin wannan babi, aka ƙara ta huɗu da na rubuta. Da Ingilishi ake rubuta su a makarantu, ni na mayar da su Hausa. Aka ƙaddara ɗalibi mai ƙoƙarin hadda da lissafi, amma yana ɗauke da kuskure ɗaya: a wajensa asid mai ƙarfi shi ne mai kauri. Sai aka bi kowace manufa aka duba ko kuskuren zai hana shi cika ta.

Sakamako

Ba da ka aka zaɓi wannan kuskure ba. A maganar yau da kullum, in an ce shayi ko jiƙon magani ya yi ƙarfi, ana nufin an zuba da yawa, kuma maganinsa a ƙara ruwa. A kemistiri kuwa wannan kauri ne, wato yawan asid a cikin wani adadin ruwa. Ƙarfi shi ne gwargwadon yadda ƙwayoyin asid suke rabuwa su saki ayon H⁺. Ko an tsinka HCl da ruwa ƙwarai, asid ne mai ƙarfi, domin kusan dukkan ƙwayoyinsa sun rabu. CH₃COOH, asid ɗin da ke cikin binega, mai rauni ne ko ya yi kauri.

Manufa ta farko, "ɗalibi ya fahimci asid mai ƙarfi da mai rauni", ba ta buƙatar dogon bayani. Ba ta faɗi abin da za a duba ba, saboda haka ba wanda zai faɗi a kanta.

Ta biyu ta bi ƙa'ida: "ɗalibi ya bambanta asid mai ƙarfi da mai rauni, ya kawo misalai biyu na kowanne". Ɗalibinmu zai rubuta cewa mai ƙarfi yana rabuwa gaba ɗaya a ruwa, mai rauni kuma kaɗan, ya kawo HCl da HNO₃ a gefe guda, CH₃COOH da H₂CO₃ a ɗaya gefen. Ya cinye maki duka, kuma jimlar da ya haddace tana zaune lafiya kusa da kuskurensa, babu wanda ya taɓa wani. Ta uku, "ɗalibi ya lissafa pH na HCl mai kaurin 0.01 mol/dm³", ita ma haka. Zai sa lamba a pH = −log[H⁺] ya sami 2. Wannan lissafi ma yana iya ƙara masa kuskure, domin a asid mai ƙarfi mai H guda ɗaya kaurin asid da kaurin H⁺ lamba ɗaya ce, sai ya ɗauka ko'ina haka ne.

Ga ta huɗu: "In an ba ɗalibi 25.0 cm³ na HCl da 25.0 cm³ na CH₃COOH, kowanne mai kaurin 0.10 mol/dm³, ya rubuta hasashensa kafin gwaji a kan wanda pH ɗinsa ya fi ƙasa da kuma yawan NaOH mai kaurin 0.10 mol/dm³ da kowanne zai ci, ya gwada da finolftalin, sannan ya kafa hujja da zancen ƙwayoyin da suka rabu da waɗanda ba su rabu ba. Ya yi daidai in karatun biret biyu na kowane asid ba su yi tazarar da ta wuce 0.20 cm³ ba, kuma hujjarsa ta ambaci nau'in ƙwayoyin biyu."

Ta yi tsawo, na yarda, amma a duba abin da take yi. pH na HCl ɗin 1 ne, na CH₃COOH kuwa kimanin 2.9, domin kusan ƙwaya ɗaya cikin ɗari ce kawai ta rabu. Ɗalibinmu zai iya cin wannan ɓangare. A ɓangare na biyu ne zai yi tuntuɓe. Tunda ya ɗauka mai rauni yana nufin asid kaɗan ne a ciki, zai yi hasashen cewa CH₃COOH zai ci NaOH kaɗan. Biret kuma zai nuna kusan 25.0 cm³ a duka biyun. Dalili shi ne kowace kwalba tana ɗauke da mol 0.0025 na asid. Duk lokacin da OH⁻ ya kwashe H⁺ ɗin da ke cikin ruwan, sai wasu ƙwayoyin CH₃COOH su ƙara rabuwa su maye gurbi, haka har su ƙare. pH yana ƙirga H⁺ da ke sake a wannan lokacin, taitireshan kuma yana ƙirga duk wanda asid ɗin zai iya bayarwa. Ɗalibin da bai raba waɗannan biyun ba, hasashensa zai tona shi a rubuce, a gaban malami, tun kafin a buɗe famfon biret. Shi ya sa "kafin gwaji" ke cikin manufar. In aka cire waɗannan kalmomi biyu, ɗalibi zai ga sakamako tukuna ya ɗinka masa bayani, malami kuma ba zai taɓa ganin abin da ke ransa ba.

Kalmar "finolftalin" ma tana da nata aikin, kuma nan ne na fi son masu jadawalin aikatau su tsaya su duba. Ɗakunan gwaji da yawa metil oranj suke da shi a kusa, domin da shi aka saba gwada asid mai ƙarfi. Launinsa yana juyawa ne tsakanin pH 3.1 da 4.4. Shi kuwa CH₃COOH da NaOH suna cinye juna ne a kusan pH 8.7, wanda ya faɗo cikin zangon finolftalin, daga 8.2 zuwa 10. In manufa ba ta faɗi manunin da za a yi amfani da shi ba, malami ya ɗauko metil oranj, launi zai gama juyawa kafin a zuba 10 cm³. Ɗalibi zai ga da idonsa cewa mai rauni ya ci bes kaɗan, daidai da hasashensa na kuskure. Aikatau ɗin nan yana nan yadda yake, ana iya ganin aikin, amma darasin ya koyar da kishiyar abin da aka nufa saboda an bar sharaɗi ɗaya a buɗe.

Ana iya juya gwajin domin tabbatarwa. A ba ɗalibi HCl mai kaurin 0.001 mol/dm³ da CH₃COOH mai kaurin 0.10 mol/dm³. pH ɗinsu 3 da 2.9, takardar manuni da ƙyar ta raba su. Amma 25.0 cm³ na farko 0.25 cm³ na NaOH ɗin kawai zai ci, na biyu kuma 25.0 cm³, ninki ɗari. Wanda ya yi hasashen wannan daidai, da wuya a ce hadda ce ta kai shi.

Wani abu da ya fito a gefe ya shafi malamai masu bayani da Hausa a aji ko masu rubuta manufa da ita. Kalmar "bayyana" tana ɗaukar faɗin ma'ana, da siffanta abin da aka gani, da kawo dalili. Alex Johnstone ya nuna cewa kemistiri na tafiya a fuska uku: abin da ido ke gani, duniyar ƙwayoyi, da alamomin rubutu. "Ya bayyana abin da ya faru" ba ta ce wace fuska ba, sai ɗalibi ya ce ruwan ya koma ruwan hoda ya tsaya nan, kuma bai yi laifi ba. Gara a ce "ya siffanta launin", ko "ya rubuta H⁺ + OH⁻ → H₂O", ko "ya kafa hujja da ƙwayoyi", gwargwadon wanda ake so.

Iyakokin binciken

Za a ce ɗalibin nan ƙaddara shi aka yi, kuma gaskiya ne. Nazarin ya nuna abin da kowace manufa za ta iya kamawa, bai ƙirga yara nawa ke ɗauke da kuskuren ba, kuma kuskure ɗaya ya bi a cikin babi mai faɗi. Za a kuma ce ba kowace makaranta ke da biret ba, kuma ba za a rubuta wa kowane darasin minti 40 manufa mai wannan tsawo ba. Ban nemi haka ba, guda ɗaya ko biyu a babi sun wadatar, a wuraren da aka san ɗalibai na tuntuɓe. Inda babu biret, ana iya ƙirga ɗigo daga sirinji a kan 2 cm³ na kowane asid, a sassauta ma'aunin zuwa tazarar ɗigo biyu ko uku. Ruwan zoɓo yana nuna asid da bes, ja a ruwan tsamiya, ya juya a ruwan kanwa, amma launinsa a hankali yake sauyawa, don haka bai dace ya maye gurbin finolftalin a wannan gwaji ba.