Daga Basra zuwa zaurukan Ƙanƙara: waiwaye kan ismul fa'ili da ismul maf'uli

A Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da Nasiru ko Mansur ba, ko Hamidu ko Mahmud. Nasiru da Mansur tushensu ɗaya ne, fi'ilin Larabci mai harafi uku, *nasara*, wato ya taimaka. Na farko mai taimako ne, na biyu wanda aka taimaka wa. Malaman sarfu suna kiran na farko ismul fa'ili, na biyu ismul maf'uli. Ƙa'idar gina su ta yi tafiyar sama da shekara dubu kafin ta iso allon ajin Islamiyya, kuma wurin da take kayar da ɗalibi bai taɓa sauyawa ba.

A Basra aka fara daidaita ma'aunin. Halilu ɗan Ahmad da almajirinsa Sibawaihi, wanda ya rasu wajen shekarar 796, sun auna kalmomi da haruffa uku: fa, ain da lam. Idan ana son mai aikatawa, sai a sa alif bayan harafin farko, a yi wa na tsakiya kasra, a samu *faa'il*. Ta haka *kataba* ya ba da *kaatib*, marubuci. Idan kuma wanda aikin ya faɗa wa ake nema, sai a kawo mim mai fataha a farko, a ɗaure harafin farko, a sa wau kafin na ƙarshe, a samu *maf'uul*. Ga *maktuub* ke nan, rubutacce. (Mun ninka wasali a nan don nuna inda ake ja.) A littafin Sibawaihi nahawu da sarfu a haɗe suke. Almazini ne, a ƙarni na 9, ya ware wa sarfu littafi nasa, daga baya Ibnu Jinni ya yi masa sharhi.

Mataki na biyu shi ne mayar da ƙa'idar waƙa domin hadda. Ibnu Malik, haifaffen Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 1274, ya tsara *Alfiyya* mai baiti kusan dubu, ya kuma tsara *Lamiyyatul Af'al* kan sarfun fi'ili. Waɗannan ne suka tsallako hamada suka zauna a hannun malaman ƙasar Hausa. Kudancin Katsina bai yi nisa da wannan ilimi ba, domin 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke kusa da Tsafe, maƙwabcin ƙasar Faskari ne. Bayan haka Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya rubuta nasa littafin sarfu a waƙe, *Alhisnur Rasin*.

A zaure ba a fara wa ɗalibi da sarfu. Sai ya sauke Alƙur'ani, ya taɓa fiƙihu, ya karanta *Ajuruma*, sannan a kai shi ga *Lamiyya*. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara kalma bayan kalma. Duk inda *faa'il* ya zo sai ka ji "mai kaza", inda *maf'uul* ya zo kuma "abin kaza" ko "wanda aka yi wa kaza". Da wannan kunnen ɗalibi kan saba da siffofin biyu tun kafin ya san sunansu.

Ƙarni na 20 ya zo da wani salo. Makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta koma makarantar nazarin Larabci a 1947, ta yaye malamai da suka saba da aji da alli da jarrabawa. Littattafan Masar suka shigo, irin su *Annahwul Wadih* na Aliyu Aljarim da Mustafa Amin, da *Shazal Arfi* na Alhamalawi. *Annahwul Wadih* ya juya tsarin: misalai tukuna, sannan ƙa'ida, sannan aikin gwaji. Da wannan salon ake koyar da darasin a makarantun Islamiyya da sakandaren Larabci a yau.

To, ko ta zaure aka bi ko ta aji, fi'ili lafiyayye irin *kataba* ba ya ba kowa wahala. Gizo yana saƙa ne a fi'ilin da ke da wau ko ya a cikinsa. Ɗauki *ƙaala*, ya faɗa, da *baa'a*, ya sayar. Duka biyun alif ne a tsakiyarsu, amma alif ɗin ba na asali ba ne. Don gane asalinsa sai a duba mudari'i: *yaƙuulu* ya nuna wau, *yabii'u* ya nuna ya. A ismul fa'ili bambancin ba ya fitowa, domin wau da ya duk suna komawa hamza bayan alif: *ƙaa'il* da *baa'i'*. A ismul maf'uli ne suke rabuwa. Ma'auni zai ba da *maƙwuul*. Sai a ɗauke rufu'ar wau ta farko a mayar wa ƙaf, wau biyu masu ɗauri su haɗu, a jefar da ɗaya, a samu *maƙuul*. Shi kuwa *mabyuu'* haka ake bi da shi, sai dai ana mayar da rufu'ar kasra, a ƙare da *mabii'*, abin da aka sayar. Ɗalibin da ya rubuta *mabuu'* bai duba mudari'i ba ne.

Wace ce aka jefar cikin wau biyun? Nan ma tsohuwar gardama ce. Sibawaihi ya ce wau ɗin ma'auni ce ta tafi, tunda ita ce ƙari. Al'akhfash ya ce harafin tushe ne ya tafi, domin wau ɗin ma'auni tana ɗauke da ma'ana. Ƙabilar Banu Tamim kuwa ba ta jefar da komai a masu ya, *mabyuu'* take cewa.

Idan raunin a ƙarshen fi'ili yake, irin *ƙadaa*, ya yi hukunci, ya ɗin ismul fa'ili kan faɗi in babu alif da lam, a ce *ƙaadin*, ta dawo in an yi nasabi ko in an sa su, a ce *alƙaadii*. Daga nan Hausa ta samo alƙali. Maf'ulinsa *maƙdiyy* ne, amma na *da'aa*, ya kira, *mad'uww* ne, saboda tushensa wau.

Ma'aunin yana da iyaka guda biyu. Fi'ilin ɗabi'a irin *karuma* ba ya cika ba da *faa'il*, *kariim* yake bayarwa. Fi'ilin da ba ya ƙetarawa kuma, irin *jalasa*, ya zauna, maf'ulinsa ba ya tsayawa sai da harafin jarra: *majluusun alaihi*, abin da aka zauna a kai.

Zaure ya ba ɗalibi dalilin kowane sauyi, amma sai bayan shekaru. Aji ya ba shi jadawali da wuri, sau da yawa ba tare da dalilin ba. Don haka, malam, kada ka tsaya kan *kaatib* da *maktuub*. Ba ɗalibinka *saama*, ya yi azumi, da *khaaɗa*, ya ɗinka, ka ce ya fara faɗin mudari'in kowanne. In ya kawo *saa'im* da *makhiiɗ* tare da bayanin yadda aka yi, to ya iya darasin.