Giɓin Kasafin Kuɗin Najeriya da Bashin da Ke Cike Shi: Yadda Lissafin Ke Isa Kantin Kwari

Giɓin kasafin kuɗi shi ne tazarar da ke tsakanin abin da gwamnati ta tsara kashewa a shekara da abin da take sa ran samu ta hanyar haraji, kuɗin fito, cinikin mai da sauran kafofin shiga. Kasafin 2024 da Shugaba Bola Tinubu ya gabatar wa Majalisar Tarayya a watan Nuwamba na 2023 ya nuna yadda abin yake a aikace. An tsara kashe naira tiriliyan 27.5, giɓin kuma ya kai tiriliyan 9.18. Daga cikin wannan giɓi, an shirya cike tiriliyan 7.83 da sabon rance, tiriliyan 1.05 da rancen ayyuka da aka riga aka ƙulla da hukumomi da ƙasashen waje, ragowar kusan biliyan 300 kuwa daga sayar da kadarorin gwamnati. A cikin wannan kasafi dai an ware tiriliyan 8.25 don biyan bashin baya. Wato abin da aka shirya rantowa ya yi kusan daidai da abin da za a biya masu bin bashi.

Doka ta gindaya wa lamarin iyaka. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ce kada giɓi ya wuce kashi 3 cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, sai in an shiga halin da ke barazana ga tsaron ƙasa, ta kuma taƙaita rance ga manyan ayyuka da raya al'umma. Ofishin Kula da Basussuka, wanda aka kafa a 2000, shi ke karɓo rancen, yana kuma riƙe da lissafinsa. Hujjar wannan maƙala ita ce yawan bashi shi kaɗai ba ya nuna haɗarinsa. Abin da ke nuna shi abu uku ne: wa aka ranta a wurinsa, da wane irin kuɗi za a biya, kuma kashi nawa na kuɗin shiga biyan ke lashewa.

Rancen cikin gida shi ne mafi yawa, ana kuma karɓarsa ta hanyar sayar da takardun lamuni. Akwai na gajeren zango, masu wa'adin kwana 91, 182 ko 364, waɗanda Babban Bankin Najeriya ke gwanjonsu a madadin gwamnati. Akwai na dogon zango da ke kai shekara 10, 20 har 30. Tun 2017 an ƙara da sukuk, wanda aka gina a kan haya maimakon ruwa. Na farkon ya tara naira biliyan 100 don aikin tituna 25, kuma hanyar Kano zuwa Maiduguri na cikin waɗanda suka amfana da wannan tsari. Manyan masu sayen takardun su ne bankuna, kamfanonin fansho da na inshora.

Takardar gajeren zango ana sayar da ita ne a kan ragi. Idan ragin ya kai kashi 20, mai sayen takardar naira miliyan 1 ta kwana 364 zai biya kimanin dubu 800 yau, ya karɓi miliyan 1 cif bayan shekara. Ribarsa dubu 200 ce a kan dubu 800 da ya zuba, wato kashi 25 na haƙiƙa. A 2024 ragin takardun shekara guda ya haura kashi 20 a gwanjo da dama, a daidai lokacin da Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa har zuwa kashi 27.5.

Daga nan ne lamarin ke gangarowa Kantin Kwari. A 2024, bankin da ke da reshe a Sabon Gari ko a titin Murtala Muhammad yana da zaɓi biyu game da kuɗin da ke hannunsa. Yana iya ba gwamnati ya samu kashi 25 ba tare da fargabar a ƙi biyansa ba. Yana kuma iya ba dilan atamfa da shadda wanda jarinsa ke cikin kaya, shagonsa na haya ne, kasuwar kuma ta sha gobara da ambaliya. Bankin ba zai ba ɗan kasuwa ba sai da ruwan da ya zarce na gwamnati sosai, abin da ke kai shi kashi 30 ko fiye, tare da jingina. Wannan shi ne yadda rancen gwamnati ke ture 'yan kasuwa daga layin bashi.

Ana iya cewa yawancin 'yan Kwari ba sa zuwa banki neman rance, ko don gudun riba ko don sun saba da karɓar kaya bisa amana a biya bayan an sayar. Gaskiya ne, amma hakan bai raba su da tasirin ba. Babban dila mai shigo da kwantena daga Guangzhou ko Dubai, da kamfanin da ke ɗauko kayan daga tashar Legas, da masaƙar da ta rage a Sharaɗa ko Chalawa, duk suna taɓa kuɗin banki. Idan kuɗin ya yi tsada a sama, wa'adin amana yana raguwa a ƙasa. Wanda a da ake ba shi dila goma ya biya bayan wata biyu, sai a ce ya kawo rabin kuɗi a hannu.

Akwai wata ƙofar rancen cikin gida da ta fi sauran illa, ita ce karɓar kuɗi kai tsaye daga Babban Banki. Sashe na 38 na dokar bankin ta 2007 ya yarda da wannan a matsayin tallafin wucin gadi, bisa sharaɗin kada ya wuce kashi 5 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, a kuma biya kafin shekara ta ƙare. An yi watsi da sharaɗin shekara da shekaru har abin ya taru ya kai naira tiriliyan 22.7. A watan Mayu na 2023 Majalisa ta amince a mayar da shi bashin shekara 40 a kan ruwa kashi 9. Bambancin wannan da sayar da takardun lamuni a fili yake. Takarda tana kwaso kuɗin da ke hannun jama'a ne, shi kuwa wannan sabon kuɗi ne ake zubawa a kasuwa ba tare da kaya sun ƙaru ba. Yana cikin dalilan da suka haɗu da cire tallafin mai da faɗuwar naira har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba 2024. Magidancin da abinci ya cinye albashinsa, turmin atamfar sallah ne farkon abin da yake jinginewa.

Rancen waje iri uku ne. Na Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka yana da sauƙin ruwa da dogon wa'adi. Na ƙasa da ƙasa galibi a ɗaure yake da wani aiki, kamar rancen bankin Exim na Sin da aka gina layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da shi, da sabon ginin matafiya na filin jirgin Malam Aminu Kano. Na uku shi ne na kasuwa, wato takardun lamuni na dala da ake sayar wa masu zuba jari na duniya. Najeriya ta fara shi a Janairu 2011 da dala miliyan 500.

Na ukun nan ya cancanci a bi lissafinsa dalla-dalla. A Disamba 2024 Najeriya ta ranto dala biliyan 2.2 ta wannan hanya, kuma biliyan 1.5 daga ciki na shekara 10 ne a kan ruwa kashi 10.375. Ruwan wannan kaso kaɗai ya kai kimanin dala miliyan 156 duk shekara, uwar kuɗin kuma za a biya ta dunƙule a ƙarshen wa'adi. A canjin naira 1,500, ruwan shekara guda ya kama kimanin naira biliyan 233. Da a ce dala tana kan 460, kamar yadda take a hukumance kafin Yuni 2023, da biliyan 72 ne kacal. Gwamnati tana tara yawancin harajinta da naira, tana biyan wannan bashi da dala, don haka duk faɗuwar da naira ta yi ƙarin bashi ne ko da ba a ranto ko sisi ba. Mai shigo da kaya a Kwari ya san wannan lissafi sarai: kwantenar dala dubu 50 da ke cin naira miliyan 23 ta koma miliyan 75. Dalar da ake fitarwa don biyan bashi kuma daga tulu ɗaya take fitowa da wadda yake nema a banki, in ya rasa ya nufi 'yan canji a Wapa.

Wannan ne ke bayyana tsallen da alƙaluma suka yi. Jimillar bashin tarayya da jihohi ta tashi daga naira tiriliyan 46.25 a Disamba 2022 zuwa tiriliyan 87.38 a Yuni 2023. Ba a ranto tiriliyan 41 cikin wata shida ba. Fiye da rabin ƙarin shi ne tsohon bashin Babban Banki da aka shigar cikin lissafi, yawancin sauran kuma sauyin canji ne, domin bashin waje a dala ya motsa ne kawai daga kimanin biliyan 42 zuwa 43. Zuwa ƙarshen 2024 jimillar ta kai tiriliyan 144.67.

Jami'ai kan kare kansu da cewa bashin Najeriya, in aka auna shi da girman tattalin arziki, bai kai na ƙasashe da yawa ba. Maganar tana da tushe, sai dai ba da girman tattalin arziki ake biyan bashi ba, da kuɗin shiga ake biya, kuma harajin da Najeriya ke tarawa bai wuce kashi 10 zuwa 11 na abin da take samarwa ba a farkon shekarun 2020. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 biyan bashi ya ci sama da kashi 90 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A irin wannan hali albashi da ayyuka duk sun koma kan sabon rance, sharaɗin dokar 2007 kuwa ya zama rubutu a takarda. Jihohi ma ba su tsira ba, domin ana cire bashinsu na waje daga kasonsu na wata-wata tun kafin ya iso Kano ko wata jiha.

Ƙasar ta taɓa shiga wannan rami ta fita. A 2005, zamanin Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, ƙasashen Ƙungiyar Paris sun yafe kimanin dala biliyan 18 daga cikin biliyan 30 da suke bi, Najeriya ta biya kusan biliyan 12 da rarar kuɗin mai, aka rufe lissafin a 2006. Wancan bashi na gwamnatoci ne da za a iya zama teburi ɗaya da su. Na yau ya bambanta. Kaso mafi girma na waje na hukumomi ne irin su Bankin Duniya, waɗanda ba kasafai suke shiga irin wannan sulhu ba, sai na masu riƙe da takardun dala da ke warwatse a kasuwannin duniya. Na cikin gida kuwa yana hannun bankunan ƙasar da asusun fanshon ma'aikatanta, don haka duk ragin da aka yi masa a kan masu ajiya da 'yan fansho zai faɗa.