Farin ɓawo a butar lantarki da hitar wanka

Farin ɓawon da ke mannewa a gindin buta dutsen farar ƙasa ne da ya narke a ruwan rijiya ko burtsatse. Idan ruwan ya ɗau zafi, musamman sama da digiri 60, iskar da ke riƙe da sinadarin kalsiyam takan fice, sai ya daskare a kan ƙarfen da ya fi zafi.

Barnawa, kamar sauran Kaduna, tana kan dutse mai tauri ne, ba farar ƙasa irin ta Kalambaina a Sakkwato ba, saboda haka matsalar takan bambanta daga rijiya zuwa rijiya. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗiga lemun tsami a kan ɓawon. Idan ya yi kumfa, farar ƙasa ce. Ja-ja kuwa tsatsa ce.

A ce kowace lita tana ɗauke da miligiram 200, gida kuma yana tafasa lita 5 kullum: ɓawon zai iya kai giram 30 a wata. Shi ke tare zafi, tafasa ta yi jinkiri, ƙarfen dumamawa ya ƙone.

A zuba ruwan khal da ruwa rabi da rabi, a tafasa, a bari awa ɗaya, sannan a ɗauraye sosai. Kankarewa da wuƙa ɓarna ce. Hitar wanka a tsayar da ita a digiri 60. Ƙasa da haka ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa. Alif kuwa laka kawai yake kwantarwa, ba ya cire kalsiyam.