Azalu: Me Ya Sa Ciki Ke Shiga Duk Da An Zare?

Azalu shi ne namiji ya zare gabansa kafin ya kawo, ya zubar da maniyyi a waje. Ma'aurata da yawa a unguwanninmu na Sabo da shi suke tazarar haihuwa, tunda ba kuɗi, ba zuwa asibiti. Amma ni dai ina ganin an ba shi amanar da ta fi ƙarfinsa.

Alƙaluman likitoci sun nuna in ma'aurata 100 suka yi shekara suna azalu ba kuskure ko sau ɗaya, mata kamar 4 za su ɗauki ciki. A yadda mutane ke yi a zahiri kuwa, kusan 20 ne, wato ɗaya cikin biyar.

Babban dalili shi ne lokaci. Daidai sa'ad da ake so namiji ya janye, a nan jiki ya fi ƙin janyewa. Jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa, domin tsartuwar farko ita ta fi ƙwayoyin haihuwa, kuma wani ba ya jin fitarta, balle mai saurin kawowa. Ko a bakin farji ya zuba, ciki na iya shiga.

Sai maziyyi, ruwan nan mai yauƙi da ke fita tun ana wasa. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya duba maza 27, aka sami ƙwayoyin haihuwa masu motsi a maziyyin 10 daga cikinsu. Ba yadda mutum zai gane ko yana cikinsu. In za a koma zagaye na biyu, a yi fitsari a wanke tukuna, saboda ragowar maniyyi.

Ɗauki matar da al'adarta ke zagayowa duk kwana 28. Ƙwanta kan fito wajen rana ta 14, ana ƙirgawa daga ranar da jini ya fara. In miji ya makara a rana ta 10, sai su ce ai da saura, alhali ƙwayoyin namiji na iya rayuwa har kwana 5 a jikinta suna jira. In hakan ta faru, akwai ƙwayar gaggawa irin Postinor-2 a kemis, ana sha cikin awa 72. In al'ada ta yi lattin mako guda, a yi gwajin ciki.

Maganar kuma ba a kan shimfiɗa ake yinta ba, a zauna da rana. Yawancin malamai sun ce sai da yardar matar, domin tana da haƙƙi a jin daɗi da haihuwa. Tana iya cewa, "Maigida, in ka makara ka faɗa mini a daren, kada ka ɓoye." Su tambayi juna: in ciki ya shiga bana, za mu iya? In tana goyo ana gudun kwanika, ko an yi mata tiyata, su haɗa da kwaroron roba ko su je asibiti a yi mata allurar wata uku. Azalu ba ya tare cutar sanyi ko ƙanjamau.