Tsarin ERP da Shafukan Excel a Ƙaramin Kanti: Nazari kan Ciniki Guda

Kamfanin Gartner ne ya raɗa sunan ERP a 1990, domin manhajojin da suka samo asali daga tsarin MRP na masana'antu. ERP manhaja ce da ke tara saye da sayarwa da kayan sito da lissafin kuɗi a rumbun bayanai ɗaya. Matsayar wannan maƙala ita ce, ainihin abin da ya raba ta da shafukan Excel shi ne sau nawa ake rubuta ciniki guda.

A ƙaddara wani mai kanti ya saro taliya a kan naira 10,500 kowane katan, ya ba da katan 10 bashi a kan 12,000 kowanne. Idan shafuka yake riƙewa, sai ya rage 10 a shafin kaya, ya rubuta 120,000 a shafin ciniki, ya sake rubuta ta a shafin bashi. A manhaja irin ERPNext ko Odoo, idan an saita ta daidai, daga takardar cinikin nan guda kaya ke raguwa, 105,000 ta fita daga darajar sito, bashi ya hau kan mai saye, ribar 15,000 ta bayyana. A shafuka kuwa, ɓaraka takan fito ne ranar da aka dawo da katan 2. Yaron kanti zai mayar da su shafin kaya, amma idan bai taɓa shafin bashi da na ciniki ba, za a ci gaba da bin mutum 120,000 alhali 96,000 ake binsa, ribar da ake gani kuma ta zarce ta gaskiya da 3,000. Kowane shafi daidai yake a karan kansa, shi ya sa kuskuren ke daɗewa ba a gano shi ba.

Mai ja zai ce ai ana iya ɗaure shafukan da SUMIF ko VLOOKUP. Haka ne, sai dai ɗaurin yana kwafo adadi ne kawai, ba ya hana a goge shi a rubuta wani. A ERPNext, takardar da aka tabbatar ba a sauya adadinta. Sai dai a soke ta, sokewar kuma ta zauna da sunan wanda ya yi.

Hujjar mai ja da ta fi nauyi ita ce ta wahalar kafa ERP. Kafin a fara, dole a ƙirga kayan sito kaf, a shigar da tsofaffin basussuka, a kuma faɗa wa manhajar leda nawa ke cikin katan. Idan aka kuskure wannan, kuskuren zai bi kowane lissafi, tunda tushensu ɗaya. Saboda haka wanda ke zaune a kantinsa shi kaɗai, yana ciniki kuɗi hannu, shafi ɗaya ya ishe shi. Buƙatar ERP tana farawa ne idan bashi ya yawaita, ko sito ya rabu da kanti, ko masu rubuta ciniki suka wuce mutum ɗaya.