Kwaɗin Mustafa Alasan: yadda zanen barkwanci ke ɓoye labarin gaskiya a cikin raha

Matashin da ya buɗe ɗan fim ɗin Bon voyage Sim a wayarsa yau a Matamaye zai iya gama kallonsa cikin kamar minti 5, ya ce bai ga komai ba sai kwaɗi suna fareti. Dattijon da ya san shekarar 1966 kuwa zai ga shugabannin Afirka na wancan zamani. Abin da ya raba su shi ne labarin da ke bayan zanen, domin barkwancin siyasa habaici ne: ba a kama suna, sai wanda ya san zancen yake ganewa.

Wanda ya zana kwaɗin

An haifi Mustafa Alasan a 1942 a Ndunga, kusa da Yamai, ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Ya koyi aikin fim a wajen Bafaranshen nan Jean Rouch a Yamai, sannan ya je Kanada ya ƙaro sanin zane mai motsi a wajen Norman McLaren. Daga baya ya zauna a Tawa, inda ya ci gaba da aikinsa. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka fara wannan sana'a a Afirka.

Finafinansa na kwaɗi kowanne da labarinsa, amma ana iya kallonsu a jere. Na farko shi ne La Mort de Gandji na 1965, labarin wani sarkin kwaɗi da fadawansa. Sai Bon voyage Sim na 1966. Bayan shekaru masu yawa kuma ya yi Kokoa, inda dabbobi ke kokawa.

Abin da ido ke gani

Labarin Sim gajere ne. Shi ne shugaban jamhuriyar kwaɗi. Shugaban wata ƙasa maƙwabciya ya gayyace shi ziyara, sai ya hau jirgin sama ya tafi, aka tarbe shi da duk irin bikin da ake yi wa shugabanni. Zanen baƙi da fari ne, ba ado. Babu sunan wata ƙasa ta gaskiya, babu fuskar wani mutum.

Rahar tana cikin haɗuwar abu biyu da ba su dace ba. Kwaɗo abu ne na bakin tabki, mai kumbura wuya da yawan ƙara. Idan aka ba shi jirgi da soja da girman shugaban ƙasa, sai bikin ya fito a tsirararsa: tsari mai yawa, amfani kaɗan.

Abu uku da mai kallo zai sani

Na farko shi ne yadda ziyarar shugabanni take a lokacin. Nijar ta samu ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960, kuma sababbin shugabannin yankin sun riƙa kai wa juna ziyara a kai a kai. Shugaba Jori Hamani yana cikin waɗanda suka yi suna wajen tafiye-tafiyen hulɗa da ƙasashe. Rediyon gwamnati da labaran majigi da ake nunawa a silima suna kawo waɗannan ziyarce-ziyarce da tsari kusan iri ɗaya: tashin jirgi, saukarsa, gaisuwa, faretin soja. Fim ɗin Alasan ya ari wannan tsari ne, ya zuba kwaɗi a ciki. Wanda bai taɓa ganin na ainihin ba, ba zai san abin da ake kwaikwaya ba.

Na biyu shi ne dalilin ɓoye maganar. Tun 1959 aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, ƙasa ta koma hannun jam'iyya ɗaya, wato RDA. A 1964 ƴan Sawaba sun shigo da makamai, gwamnati ta murƙushe su. A watan Afrilun 1965 an jefa gurneti a filin idin babbar salla a Yamai da nufin kashe Jori, ya tsira. A wannan shekarar kuma aka sake zaɓensa, shi kaɗai ne ɗan takara. A irin wannan yanayi, wanda ya zana fuskar shugaba don a yi dariya ya jawo wa kansa. Kwaɗo kuwa ba ya da katin jam'iyya. Duk jami'in da ya ce da shugaba ake, shi ne ya fara kamanta shugaba da kwaɗo. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Na uku shi ne abin da ke faruwa a maƙwabta. Daga Disamban 1965 zuwa Fabrairun 1966 soja sun karɓi mulki a Dahome, da Afirka ta Tsakiya, da Haute-Volta wadda yanzu ake kira Burkina Faso, da Najeriya, da Gana. Na Najeriya, ran 15 ga Janairu 1966, shi ne wanda aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikinsa, labarin da ya girgiza garuruwan bakin iyaka irin su Matamaye, masu dangi da ciniki a Daura da Kano. Na Gana kuwa ya faru ne ran 24 ga Fabrairu, lokacin da Kwame Nkrumah yake kan tafiya a Asiya. Wanda ya san wannan, in ya ji ana yi wa Sim fatan sauka lafiya, zai ji wata tambaya a ƙarƙashi: wa ke gadin kujerar? Sojan da ke fareti a gaban shugaba ma sai su sauya kama a idonsa.

Inda mai fassara ke yin kuskure

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce Sim wane ne, a kama suna ɗaya. Fim ɗin bai ba da wannan hujja ba. An zana shi yadda rigar za ta shiga kowane shugaba na zamanin, shi ya sa ɗan Gana da ɗan Nijar kowa zai ga nasa.

Kuskure na biyu shi ne ɗora wa fim abin da ya faru bayansa. Soja sun kifar da Jori ran 15 ga Afrilu 1974, shekara 8 bayan fitowar Sim. Mai kallo na yau zai iya tuna wannan, amma ba shi Alasan ya zana ba. Hanyar tantancewa mai sauƙi ce: a duba shekarar fim, a duba shekarar abin da ake jin da shi ake. In abin ya zo daga baya, dacewa ce.

Na uku shi ne neman siyasa a ko'ina. A Kokoa, abin da mai kallo ke buƙata shi ne sanin filin kokawa: kirari, taƙama, alƙalin wasa, ihun ƴan kallo. Mutumin Damagaram da ya saba bin gasar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, zai fi baƙo jin daɗinsa nesa ba kusa ba.

Waɗannan tambayoyi suna aiki a kan zanen barkwancin da ke yawo a wayoyi yanzu: yaushe aka yi shi, wane biki ko jawabi yake kwaikwaya, me ya hana mai zanen faɗin maganar a fili? Zanen da aka turo ba kwanan wata yana iya zama tsoho, ko na wata ƙasa, aka liƙa masa sabon suna. Kafin a tura shi gaba da cewa da wane ake, a fara neman shekararsa.